Gurbin da Tableau ke bari a lissafin riba

Mu ɗauka ɗan kasuwa yana da shago uku a Kano, ya zuba lissafin wata a manhajar Tableau don ya ga kason ribarsa. Shagon farko ya yi cinikin naira 100,000, ribarsa 20,000. Na biyu ya yi na 900,000, ribarsa 90,000. Na uku a rufe yake ana gyara, saboda haka ciniki sifiri, riba sifiri. Sai ya rubuta `[Riba] / [Ciniki]`.

Shagon farko ya ba da kashi 20 cikin ɗari, na biyu kashi 10, na uku kuwa gurbinsa fayau. Ba a raba lamba da sifiri. Maimakon Tableau ta koka, sai ta mayar da amsar `Null`, wato babu amsa, ta yi shiru.

A nan mutane da yawa suke garajen rufe gurbin da `ZN()`, wadda ke mai da `Null` sifiri. A ganina wannan ya fi gurbin illa. Idan aka nemi matsakaici da `AVG`, Tableau takan tsallake gurbin ta ba da kashi 15. Da an sa `ZN()`, shagon da ko buɗewa bai yi ba zai shiga lissafi a matsayin wanda ya yi ciniki bai ci riba ba, amsa ta sauko kashi 10. Duka biyun kuskure ne, domin an daidaita ƙaramin shago da babba. Ribar gaskiya ita ce 110,000 a cikin miliyan ɗaya, wato kashi 11. Sai an fara tarawa sannan a raba:

```
IF SUM([Ciniki]) <> 0
THEN SUM([Riba]) / SUM([Ciniki])
END
```

Ba a sa `ELSE` ba da gangan, don shagon da ke rufe ya ci gaba da zama fayau, tunda gaskiyar lamarinsa ke nan.

Akwai kuma wanda ya fi wannan wuyar ganewa. A ce shago na uku ya buɗe, ya yi cinikin 500,000, amma yaron shago ya manta bai shigar da riba ba. `SUM` ba ta kula da gurbi, don haka sama ya tsaya a 110,000, ƙasa ya haura 1,500,000. Jimillar za ta nuna kusan kashi 7.3, lamba tsaf wadda babu alamar aibu a jikinta, maigida kuma ya hau faɗan riba ta faɗi.

Hanyar kama shi ita ce a jera `COUNT([Riba])` kusa da `COUNT([Ciniki])`, domin `COUNT` layukan da aka cike kaɗai take ƙirgawa. In ɗaya ya nuna 2, ɗayan ya nuna 3, to a koma ga littafin shago a nemo ribar da ba a rubuta ba.