Ɗigon da ya ɓace a littafin Baba

A ce marubuci ya ɗauko mana labarin wata akawu, wadda kullum aikinta shigar da takardu a rajista. Bayan sadakar arba'in ta buɗe adakar mahaifinta, ta tarar da ɗan littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da gobe da ajami, biro ya koɗe ya zama toka-toka. A ganina, irin wannan gajeren labari ba ya bukatar wani ɓoyayyen asiri a shafin ƙarshe. Wahalar karatun ita ce labarin.

Akawun kirki ba za ta bi kan rubutun da sabon biro ba, ba kuma za ta manna masa salatif ba. Littafi dabam za ta samu, ta riƙa kwafa layi-layi, inda ta kasa ganewa ta bar gurbi. Da dare sai ta kashe fitila, ta kwantar da tocilan a gefen takarda. Bakin biro yana barin ɗan kwari a jikin takarda, hasken da ya zo ta gefe kuwa yakan fito da inuwarsa ko da tawadar ta tafi.

To, ga ta a wani layi: "Na ...ara cin bashi saboda makarantar yarinya, fam uku da sule goma." Kuɗin kansa ya ba ta lokaci, domin a ranar 1 ga Janairun 1973 Najeriya ta koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu. Sai dai kada ta yi saurin yanke hukunci, tsofaffi sun daɗe suna lissafi da fam bayan canjin.

Harafin farko ne ya tsayar da ita. A rubutun allo irin namu, fa da ƙaf a farkon kalma kamanninsu ɗaya, ɗigo ne kawai ke raba su: na fa a ƙasa, na ƙaf a sama. Ɗigo kuwa taɓawa ɗaya ce, da ƙyar yake barin kwari. "Fara" ce ko "ƙara"? In "fara" ce, karatunta ne ya soma jefa Baba cikin bashi. In "ƙara" ce, ya daɗe yana ɗauke da nauyin a ɓoye, yana shigowa gida da fara'a.

Nan ne nake son marubuci ya yi haƙuri, kada ya kawo wata gwaggo ta warware komai da baki. Ya bar akawun ta koma baya shafi-shafi, tana neman kalmar bashi, tana duba yadda Baba ke ɗiga ƙaf ɗinsa a "ƙasa" da "ƙofa". Shafi tara baya ta ga sunan wani mai shago, da sule goma sha biyar a gefensa. Ta ɗauki biro, ta cike gurbin da ƙaf, hannunta na rawa.