Yadda Ake Zubar da Takardar Mai Shekaru Tun Kafin a Ga Fuskarsa

Da wuya ka ji an ce wa mai neman aiki, "Ka tsufa." Abin da ake ce masa shi ne, "Za mu neme ka," ko kuma, "Ai ƙwarewarka ta fi ƙarfin wannan gurbi." Mafi yawanci ma ba a ce masa komai, domin an gama da shi tun a fom ɗin da ya cike a intanet.

Fom ɗin yana tambayar ranar haihuwa, da shekarar gama sakandare, da shekarar gama digiri. Idan dubban mutane suka nemi gurbi kaɗan, jami'in ɗaukar ma'aikata ba ya karanta takardun duka. Sai ya sa kwamfuta ta ware masa waɗanda suka gama karatu cikin shekaru uku ko biyar da suka wuce. Sauran kuwa babu idon da zai faɗa kansu.

A Najeriya akwai wata matata da ta fi wannan ɓoyuwa, wato takardar yi wa ƙasa hidima. A tsarin NYSC, wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama digiri ba ya zuwa hidimar, takardar ɗauke masa nauyin ake ba shi. Ɗauki yaron da ya gama sakandare yana da shekara 20, ya yi NCE, ya koyar shekara uku don tara kuɗin makaranta, sannan ya shiga jami'a, yajin aikin malamai na 2020 da na 2022 suka cinye masa kusan shekara ɗaya da rabi. Zai fito ya haura 30. Duk sanarwar da ta ce sai mai takardar kammala hidima ta rufe masa ƙofa, alhali ba ta ambaci shekaru ba. Kuma wa hakan ya fi shafa? Ɗan talaka da ya yi karatu da guminsa, da matar da aure da raino suka jinkirta.

Doka ba ta tsaya musu sosai ba. Sashe na 42 na kundin tsarin mulki ya hana wariya saboda ƙabila, jinsi, addini da ra'ayin siyasa, amma bai ambaci shekaru ba. A 2023 Majalisar Dattawa ta yi kira da a daina ƙayyade shekaru a sanarwar aiki, sai dai kira ba doka ba ne. Amurka kuwa tun 1967 take da dokar da ke kare masu shekara 40 zuwa sama. Wannan giɓi ne ke tura mutanen kirki kotu su yi rantsuwar rage shekaru.

Masu ɗaukar aiki, in gwani kuke nema, ku cire ranar haihuwa da shekarar gama karatu daga matakin farko, ku karɓi takardun NYSC biyun daidai, sannan ku jarraba kowa da aikin da zai yi.