Sarƙar Zinariya Ta Kullum: Kauri Ba Shi Ne Ƙarfi Ba

A Nyohini, yawancinmu malamai mata a kan babur muke zuwa makaranta, ga mayafi, wata kuma ga goyo. Sarƙar wuya tana shan ja kullum. Shi ya sa idan 'yar'uwa ta nemi shawarata, nake cewa ta fara duba ƙira tukuna.

Shimfiɗaɗɗiyar sarƙa, da mai santsi kamar jikin maciji, suna da kyau a ido, amma ba sa jure lanƙwasa. Mayafi ya fizge ta sau ɗaya, sai ta yi gwiwa, kuma daga nan take tsinkewa. Mai zobe-zobe kuwa kowane zobe yana juyawa da kansa, in ɗaya ya buɗe maƙeri zai like shi.

Sai kauri. Wata abokiyar aikina ta sami sarƙoƙi biyu masu tsawon santimita 50, nauyinsu kusan ɗaya. Ɗaya kaurinta milimita 4, ɗayar milimita 2. Ta yaya mai kauri ba ta fi nauyi ba? Cikinta holoƙo ne, da ta matsu za ta loɓa, gyaranta kuma sai an sha wuya. Siririyar ta ɗauka.

Don haka ki sa a auna miki a sikeli. Ki duba hatimi: 750 karat 18 ne, ya fi 916, wato karat 22, tauri. Ƙaramin zoben da ke riƙe maɗauri kuma ya zama a like yake, don in akwai tsaga, ta nan sarƙa take faɗuwa ba ki sani ba.