Malam, Ina Neman Izinin Nazarin Littafin Da Ba Ya Cikin Jeri

A farkon kowane zangon karatu malamin jami'a kan ba ɗalibai jerin littattafan da za a nazarta. A darasin ƙagaggun labaran Hausa, da wuya a rasa waɗanda aka buga a Zariya bayan gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. To, a ce wata ɗaliba 'yar aji uku tana son ta yi jingarta a kan Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, ga shi kuwa malamin bai sa shi ba. Me za ta rubuta masa a imel?

Ɗalibai da yawa kan ɓata saƙon wajen yabon littafin, wai yana da daɗi, ya taɓa musu zuciya. Malam ba wannan ne ya dame shi ba. Shi ne zai duba aikin ya ba da maki, kuma makin zai bi ta hannun sashe, saboda haka abin da yake tambayar kansa shi ne ko zai iya auna wannan jinga da mudun da zai auna ta sauran 'yan aji. Saƙon da ya amsa wannan tambaya shi ke samun shiga.

Bayan ta sa lambar kwas da abin da take nema a gurbin take, ɗalibar za ta iya cewa:

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibarka ce a darasin ƙagaggun labarai, aji uku, suna da lambata suna ƙasa. Ina neman izini in kwatanta Alhaki Kuykuyo Ne da Jiki Magayi a jingar da ka ba mu kan jigo. A duka biyun an yi zalunci a harkar aure, amma Abubakar shi ya tashi neman fansa da kansa, ita kuwa Rabi ta rungumi 'ya'yanta da sana'arta har sakayya ta iske mijinta. Ina da littafin, zan kawo ofis in kana buƙata. In bai dace ba, zan tsaya a kan na cikin jeri. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Dabarar tana cikin haɗa littattafan biyu. Da ta ce za ta ajiye Jiki Magayi gaba ɗaya, Malam zai iya zargin gudun karatu take yi. Da ta riƙe shi kuwa, ta nuna ta karanta abin da aka ba ta, kuma ta bar wa Malam littafin da ya sani sarai wanda zai kama ya auna zurfin nazarinta. Sannan ta faɗi hujjarta a jimla ɗaya, har da sunayen taurari. Wanda ya kalli fim kawai ko ya ji labari a bakin ƙawa, a nan yake tuntuɓe.

Akwai kuma batun madogara. A shekarun 1990 an sha muhawara a jaridu kan waɗannan littattafai da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu na cikin masu kare su. Yanzu an yi rubuce-rubucen ilimi a kan Balaraba, har Aliyu Kamal ya fassara wannan littafin zuwa Ingilishi, aka buga a 2012. Ɗalibar na iya ƙara layi guda ta ambaci nazari ɗaya da ta samu, amma wanda ta karanta da gaske, don Malam na iya tambaya.

Da labarin da ke yawo a Wattpad ko WhatsApp ta zaɓa, da aikin ya fi wuya. Ba mawallafi, ba lambar shafi, marubuciya na iya sauya babi gobe, wani lokaci ma ba a kammala shi ba. Malam zai so a kawo masa cikakken labarin a takarda, da ranar da aka sauke shi, kuma ko ya ƙi bai yi laifi ba.

A aika saƙon da zarar an ba da jinga, kada a bari sai saura kwana uku a miƙa. In mako ya wuce shiru, kada a ɗauka shirun izini ne. Malamai da yawa ba su cika buɗe imel ba, sai ɗalibar ta same shi bayan lacca da littafin a hannu. In ya amince da baki, ta sake aika layi biyu na godiya, ta ambaci abin da aka tsayar da ranar da aka yi maganar, don in lokacin ba da maki ya zo akwai shaida a rubuce.