Burodi nawa ya kamata mai shayi ya sara da safe?

Mai shayi da ke karɓar burodi kullum daga gidan burodi yana tsakanin asara biyu. In ya saro da yawa, ragowar ta kwana ta bushe. In ya saro kaɗan, mai saye ya juya da kuɗinsa, kuma wannan asarar ba a ganinta a kan tebur, shi ya sa ake raina ta.

Masana lissafin kasuwanci sun daɗe da warware wannan, da misalin mai sayar da jarida, wanda kayansa ba sa kwana. Mu ɗauka ana saro burodi a naira 800, a sayar 1,000, wanda ya kwana kuma a karyar da shi 700. Rasa mai saye ɗaya asarar 200 ce, kwantan burodi ɗaya asarar 100. Sai a raba 200 da jimillarsu, wato 300, a samu biyu bisa uku. Ma'ana, ya sari adadin da zai ishe shi a kwana biyu cikin kowane uku.

Nan littafin ciniki yake da amfani. In cikin kwana 30 masu saye ba su nemi fiye da burodi 45 ba a kwana 20, to 45 zai sara, ko da matsakaicin cinikinsa 40 ne.

Sai dai a kula: ranar da burodi ya ƙare da wuri, littafin ya nuna abin da aka sayar ne kawai, don haka dole a riƙa rubuta waɗanda suka nema suka rasa. Ranar kasuwa da watan azumi kuwa, lissafinsu daban za a yi.