Kalma ɗaya a farkon tambaya, amsa uku daban

Akwai maganar da ke yawo tsakanin ɗaliban darasin kasuwanci duk lokacin da jarrabawa ta matso: wai kalmar da ke buɗe tambaya ado ce kawai, ko an ce "describe", ko "evaluate", ko "justify", kai dai ka juye duk abin da ka haddace, mai duba takarda zai tsinci rabonsa. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma yana ci mini rai, domin masu ƙoƙarin karatu ne ya fi kayarwa. Kalmomin nan sun samo tushe daga matakan tunani da Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka tsara a 1956, inda tuna abu yake can ƙasa, auna shi da yanke hukunci kuma yake sama. Kowace kalma tana gaya maka matakin da ake so ka taka.

A ce tambaya ta kawo labarin wani ƙaramin kamfanin sabulu a Kano. Kowane sabulu yana cin masa naira 300 kafin ya fito, abokan hamayya suna sayar da nasu naira 500, shi kuma yana so ya shiga kasuwa da naira 400 don ya ja masu saye.

Idan aka ce "describe" wannan dabarar farashi, aikinka ka bayyana yadda take: ana fara sayarwa da araha, a samu masu saye da yawa cikin sauri, daga baya a ɗaga farashi idan kaya ya karɓu. Ka nuna cewa a nan an sauko da naira 100 ƙasa da na kasuwa. Masu cewa ra'ayinka ba ya kawo maki a irin wannan tambaya sun yi gaskiya. Inda ake kuskure shi ne a ɗauka jero kalmomi huɗu a layi ya wadatar, alhali cikakkun jimloli ake so.

Ruɗani ya fi yawa a kan "evaluate". Za ka ji ana cewa, "Ai amfani da illa ne, ka rubuta uku-uku, shi ke nan." Rabin gaskiya ce. Lalle dole ka duba ɓangarorin biyu, amma wanda ya tsaya nan bai auna komai ba. Ga yadda awon yake. A naira 500 ribar kowane sabulu 200 ce, a naira 400 ta koma 100, ke nan sai kamfanin ya ninka cinikinsa kafin ya samu ribar da zai samu a farashin kasuwa. To, yana da injin da zai fitar da ninkin? Sabulu kaya ne da uwar gida ke iya sauyawa saboda rangwamen naira 100, wannan ya goyi bayan dabarar. Amma idan babban kamfani ya karya nasa farashin na wata uku, wa zai fara gajiya? Kuma 'yan sari a Kasuwar Singa za su nemi nasu kason daga cikin wannan ɗarin. Sai ka rufe da hukunci mai sharaɗi: dabarar za ta yi aiki idan kamfanin yana da jarin jure ƙaramar riba na ɗan lokaci, in ba haka ba haɗarinta ya fi amfaninta. Babban makin yana cikin wannan hukuncin da dalilinsa. Kuma ba gaskiya ba ne cewa akwai hukunci guda da dole ka dace da shi. Ɗalibai biyu na iya saɓawa kuma su duka su ci, muddin kowa ya kafa hujja da bayanan labarin.

Shi kuwa "justify", wasu na ɗauka tagwayen "evaluate" ne. A'a. A nan matsaya ake fara faɗa. Ka ce, "Ina ba kamfanin shawara ya shiga da naira 400," sannan kowane sakin layi ya zama hujja: ba a san sunansa ba tukuna, masu sayen sabulu suna duba farashi, kuma har yanzu akwai ribar naira 100. Za ka ambaci ɗaya zaɓin, wato sayarwa a naira 500, amma don ka nuna dalilin ƙinsa: sabon kaya a farashin tsohon da aka saba da shi ba ya ba kowa dalilin gwadawa. Wanda ya raba shafinsa biyu daidai, ya ƙare da "ya danganta", bai kare komai ba.

Batun cewa doguwar amsa ce ke kawo maki kuwa, abin dubawa shi ne makin da aka rubuta a gefen tambaya, shi ke nuna zurfin da ake so. Kafin ka miƙa takarda, ka sake karanta amsarka ta "evaluate" ko "justify": idan za a iya cire kamfanin sabulun a sa na siminti ba tare da an sauya jimla ko ɗaya ba, to bayani kawai ka rubuta, sai ka koma ka shigar da alkaluman labarin.