Garantin Waya: Abin Da Ya Ɗauka Da Abin Da Ke Karya Shi

Wayar ƙanwata ba ta cika wata biyar a hannunta ba ta fara wani hali. Tana cikin magana sai ta mutu da kanta, ta sake kunnuwa, bayan ɗan lokaci ta ƙara mutuwa. Ba ta faɗi ba, ba ta shiga ruwa ba, gilashinta ko ƙwarzane babu. Na same ta da yamma ta yafa mayafi za ta kai ta wurin mai gyaran da ke bakin layinsu.

Na ce, “Ina takardar da aka ba ki a shago?”

Ta ce, “Yaya, wace takarda kuma? Ai kwalin ma ina jin yara sun yi wasa da shi.”

Allah ya taimaka, kwalin yana kan sif, rasidin na ciki a ninke. Da ta riga ta fita da minti goma, da mai gyara ya buɗe wayar, da kuma haƙƙin da take da shi a kan kamfanin ya tafi ke nan. Wannan ne ya sa nake son mu zauna mu fahimci abin nan da muke kira garanti, don na lura yawancinmu muna zubar da shi ne a rana biyu: ranar saye, da ranar da waya ta fara ciwo.

Garanti alkawari ne daga kamfanin da ya ƙera kaya, cewa idan aibi ya bayyana a cikin wani wa'adi, kuma aibin daga ƙira ne ko daga kayan da aka yi ƙirar da su, to gyara na wuyansa, ba za ka biya kuɗin kaya ko na aiki ba. Ga yawancin wayoyin da ke kasuwanninmu wa'adin wata 12 ne, wasu kamfanoni suna ƙarawa a kan haka. Caja da waya mai ɗaukar wuta da abin sauraro na kunne galibi nasu wa'adin ya fi gajarta, akwai masu ba su wata 6 kacal. Duk wannan yana rubuce a ɗan littafin nan mai ƙananan haruffa da muke jefarwa tare da leda.

Tambayar da injiniyan kamfani yake yi wa kansa idan ya karɓi wayarka guda ɗaya ce: ciwon nan daga ciki ya taso ko daga waje ya shigo? Wayar da take mutuwa da kanta, batirin da ya kumbura cikin 'yan watanni, sifikar da ta daina magana, kyamarar da ta ƙi buɗewa, layin da ya fito a fuskar waya alhali gilashi lafiyarsa lau, waɗannan duka ciwo ne na ciki matuƙar babu alamar faɗuwa ko ruwa. Gilashin da ya fashe, jikin da ya lanƙwashe don an zauna a kai, bakin caji da ya ƙone, waɗannan daga waje suke. Akwai kuma na uku, wato tsufa. Kowane batiri yana rage ƙarfi da yawan caji, fenti yana goge wa. Batirin da a da yake kai ka dare, yanzu bayan wata goma yana sauka da magariba, kamfani zai ce aiki ya yi. Amma wanda yake sauka daga kashi 80 zuwa sifili cikin minti ashirin, wannan aibi ne, ka tsaya a kan haƙƙinka.

A nan ne mutane suke haɗa garanti da inshora. Garanti bai san sata ba, bai san tsautsayi ba. Wasu kamfanoni sukan yi tallar canza gilashi kyauta sau ɗaya idan ya fashe cikin wasu kwanaki, amma wannan ƙari ne daban mai nasa sharuɗɗan, ka tambaya a ba ka a rubuce.

Mu koma ranar saye. Kowace waya tana da lambarta mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI, mai layi biyu kuma tana da lamba biyu. Idan ka danna *#06# a wurin kiran waya za ta fito. Tun kana gaban mai shago ka gwada ta da wadda ke jikin kwali, sannan ka roƙe shi ya rubuta ta a kan rasidi, da kwanan wata da samfurin wayar da hatimin shago. Rasidin da aka rubuta “waya ɗaya” da farashi kawai ba ya nuna wace waya ce, don haka ba hujja ba ce mai ƙarfi. Ka kuma ɗauki hotonsa, domin irin takardar nan mai santsi da inji ke bugawa rubutunta yana gushewa a zafinmu kafin shekara ta zagayo.

Ka tambaya kuma, garantin wa ake nufi? Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya san ana sayar da sabuwa fil a kwali, ana kuma sayar da ta hannu, wadda aka riga aka yi amfani da ita a wata ƙasa. Ta hannu yawanci wa'adin kamfaninta ya ƙare tuni. Abin da mai shago yake ba ka shi ne 'yan kwanakin gwaji, amana ce tsakaninka da shi, babu ruwan kamfani. Hatta sabuwa, idan an ƙera ta ne don kasuwar wata ƙasa aka shigo da ita ta hannun 'yan tireda, cibiyar kamfani a nan tana iya cewa garantinta ba na wannan yanki ba ne. Ba laifi ba ne ka saya don arha, amma ka saya da saninka.

To, mun ɗauki wayar ƙanwata. Daren ranar mun kwashe hotuna da lambobin mutane mun adana a wani wuri, domin gyara sau da yawa yana haɗawa da wanke waya gaba ɗaya, kamfani kuma ba ya ɗaukar alhakin abin da ya ɓace a ciki. Mun ɗauki bidiyon wayar tana mutuwa tana tashi da wata wayar. Wannan ƙaramar dabara tana da amfani ƙwarai ga ciwon da ke zuwa yana tafiya, don sau nawa waya take warkewa da zarar ta isa gaban injiniya? Da safe muka cire layi da katin ajiya, muka ɗauki rasidi da kwali da caja, muka nufi cibiyar gyara ta kamfanin. Kowane kamfani yana da wuraren da ya amince wa. Wayoyin Tecno da Infinix da itel, alal misali, Carlcare ce cibiyarsu. Adireshin yana cikin littafin garanti, wani lokaci ma yana cikin wayar kanta.

Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta shigar da lambar a kwamfuta, ta tabbatar wa'adi bai ƙare ba. Sai ta juya wayar a ƙarƙashin fitila, ta duba kusurwoyi huɗu, ta haska bakin caji da ramin layi.

Ta ce, “Malama, an taɓa buɗe ta a wani wuri?”

Ƙanwata ta ce, “A'a, saura ƙiris dai.”

Aka ba mu takardar karɓa mai lambar aiki. Kafin mu sa hannu na karanta abin da aka rubuta game da yanayin wayar, na ga an ce babu fashewa, babu alamar ruwa. Kada ka raina wannan layi. Shi ne shaidarka idan daga baya aka ce an ga tsagewa. Bayan kwanaki aka kira mu, an canza babban allon da ke cikin wayar, ba mu biya ko kwabo ba. Abu ɗaya da na koya a wurin: gyara ba ya mayar da wa'adi farko. Watannin da suka rage su ne dai naka, sai dai wasu kamfanoni suna ba abin da aka canza nasa ɗan wa'adin, kamar kwana 90. Kuma kamfani ne yake zaɓar ko gyara ko canji. Ba kasafai ake ba da sabuwa ba.

Tambayar ma'aikaciyar nan ita ce ta fi cin mutane. Wani maƙwabcinmu wayarsa ta daina ɗaukar caji a wata na uku, ya kai bakin titi don sauri. Mai gyara ya sa mata zafi ya ɓamɓare marfi, ya taɓa da dalma, ta yi mako biyu ta sake tsayawa. Da ya je cibiya aka ga gam ɗin marfin ba na asali ba ne, ɗan tambarin da ke kan sukurori ya yage, ga sawun dalma a allo. Aka ce gyara sai da kuɗi. Ya yi fushi sosai, na kuma tausaya masa, amma a gaskiya kamfanin yana da hujja: ba shi da hanyar rarrabe ɓarnar ƙira da ɓarnar hannun da ya shiga bayansa. Ba ina kushe masu gyaran unguwa ba ne, akwai gwanaye a cikinsu, su ne gatanmu bayan wa'adi ya ƙare. Amma muddin akwai sauran wa'adi, hannunsu ya jira.

Ruwa shi ma ba ya ɓoyuwa. A cikin wayoyi da yawa akwai wata 'yar takarda fara, wani lokaci ana hango ta ta ramin layi, da zarar laima ta taɓa ta sai ta koma ja. Ba sai waya ta faɗa bokiti ba: ruwan damina a aljihu, gumi, tururin tukunya idan an ajiye ta kusa da murhu, duk suna iya shiga. Ko ka shanya ta a rana, jan nan ba ya komawa fari, ga kuma tsatsa mai kore-kore da ke fitowa a allo. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, hatta wayoyin da ake tallarsu da jure ruwa, manyan kamfanoni irin Apple da Samsung ba sa sa ɓarnar ruwa cikin garantinsu na yau da kullum.

Sai wuta. Cajar jabu, ko wutar janareta mai hawa da sauka, tana barin baƙin tabo na ƙuna, injiniya kuma yana ganewa. Haka nan kai waya a sauya mata manhajar asali ko a taɓa lambarta, shi ma yana rushe alkawarin.

Idan an ƙi karɓar ƙorafinka, kada ka tashi da “ba ya ciki” kawai. Ka nemi a nuna maka abin da aka gani, a rubuta maka dalili. Kuma garantin kamfani ba shi ne iyakar haƙƙinka ba. A Nijeriya akwai dokar gasar kasuwanci da kare masu sayayya ta 2018, wadda aka sa wa hannu a 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi ga wanda ya sayar masa cikin wata 3, a gyara ko a canza ko a mayar da kuɗi. Saboda haka rubutun nan na ƙasan rasidi, cewa kayan da ya fita ba ya dawowa, ba ya shafe haƙƙinka a kan kayan da ya zo da aibi. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, malamanmu na fiƙihu sun daɗe suna karantar da zaɓin mayar da kaya saboda aibin da mai saye bai sani ba. Idan za ka kai ƙara hukumar, abin da za a nema daga gare ka shi ne rasidin, da takardar karɓa ta cibiya, da dalilin ƙin da aka rubuta maka.